Yadda ake haɗa littafin koyon karatun Hausa na Ajami da Boko tare da atisayensa

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga malaman Islamiyya da masu ajin yaƙi da jahilci, wai ta ina ake farawa idan mutum na son ya haɗa ɗan littafin koyon karatu mai ɗauke da Ajami da Boko a wuri guda. To ga shi zan zayyana yadda nake yi, daki-daki. Misalin da zan riƙe har ƙarshe shi ne littafi mai shafi 48, darasi 20, na manya waɗanda suka yi makarantar allo, sun san babbaƙu da farfaru amma Boko bai zauna musu ba. In ɗalibanka akasin haka ne, wato 'yan Boko masu son Ajami, tsarin bai canja ba, inda za a jaddada ne kawai zai bambanta.

Abu guda da nake so ka riƙe tun yanzu: Ajami da Boko ba tagwaye ba ne. Akwai abin da Ajami ke nunawa Boko ya yi shiru, akwai kuma wanda Boko ke rabewa Ajami ya haɗe. Duk wanda ya rubuta littafinsa da Boko tsaf, sannan ya miƙa wa wani malami ya ce “juya min shi zuwa Ajami”, wallahi zai sha gyara har ya gaji.

## 1. Ka san wa kake rubuta wa

Kafin ka taɓa biro, je ka zauna da waɗanda za su karanta littafin, ko mutum goma ne. Tambaya ɗaya ce mai muhimmanci: da wane Alƙur'ani suka yi karatu, Warshu ko Hafsi? Ɗan tsangaya da ya taso da bugun Warshu ya saba da fa mai ɗigo a ƙasa (ڢ) da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama (ڧ). Ɗan Islamiyya kuwa da ya taso da Hafsi, fa ɗinsa ɗigo ɗaya ne a sama (ف), ƙaf kuma ɗigo biyu (ق). Ka lura da inda matsalar take? Ƙaf ɗin wancan shi ne fa ɗin wannan. Ka rubuta ƙasa da salon Warshu, ɗan Hafsi ya karanta maka fasa, kuma bai yi laifi ba, abin da aka koya masa ke nan.

Gargaɗi: kada ka ce za ka gamsar da kowa ta hanyar cakuɗa salon biyu. Zaɓi ɗaya bisa rinjayen ɗalibanka, sai ka saka ɗan akwati a shafin jadawali da ke nuna yadda ɗaya ɓangaren ke rubuta fa da ƙaf. In ajin rabi da rabi ne, gara ka fitar da bugu biyu, tunda a kwamfuta canja haruffa biyu ba wani aiki ba ne.

## 2. Ka yanke hukuncin harafi tun kafin darasi na farko

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Boko yana da daidaitacciyar ƙa'ida da ake koyarwa a makarantu, Ajami kuwa kowane gari da kowane malami da ɗan bambancinsa, don haka dole kai ka zauna ka rubuta takarda guda wadda ni nake kira takardar hukunci. A ciki kowane sauti na Hausa ka ba shi harafin Ajami ɗaya tak, ka manna ta a bango inda kake aiki.

Waɗanda ba a cika musu a kansu ba su ne: g da angai (غ), c da ca (ث), ɗ da ɗa mai hannu (ط), ƙ da ƙaf, sh da shin (ش). Ko a takardar Naira 500 in ka duba rubutun Ajamin, ɗari da ɗa mai hannu aka rubuta ta. Inda ake rabuwa kuwa shi ne ɓ da ts da 'y, da kuma su kw, gw, ƙw. A tsofaffin rubuce-rubuce sau da yawa ɓ da b harafi ɗaya ne, mai karatu ne ke ganewa daga ma'ana. Wannan ya yi wa gwani, amma mai koyo fa? Ta yaya zai raba bari da ɓari? Shawarata ka bi masu ƙara ɗigo uku: ɓ ta zama ݑ, ts ta zama ڟ, su kw da ky su zama ݣ. Haka kuma z, wasu na rubuta ta da zaira (ز) wasu da zal (ذ), s ma akwai sin akwai sodi. Ɗauki ɗaya ka bar ɗayar wa kalmomin Larabci.

Sai wasulla. Wasali bisa shi ne a, wasali ƙasa i, rufu'a u, sai imala, ɗigon nan mai kauri da ake sa wa a ƙarƙashin baƙi, ita ce e. Ɗauri na nuna baƙin da ba shi da wasali, shadda kuma ta maye gurbin rubuta baƙi sau biyu irin na babba ko hannu. Abubuwa biyu ne za su bi ka har ƙarshen littafin, ka fahimce su da kyau.

Na farko, Ajami na nuna jan wasali, Boko ba ya nunawa. Gari na zama da gari na tuwo a Boko rubutunsu ɗaya, a Ajami kuwa na zama غَرِي ne, na tuwo غَارِي. Haka duka (gaba ɗaya) da duka (na bulala), haka suna (na yanka) da suna (suna zuwa), haka baƙi na launi da baƙi na gida. Na biyu, Boko ya raba o da u sarai, Ajami kuwa rufu'a ɗaya yake ba su, shi ya sa kura da kora duk كُورَا ne, kuka da koka ma haka. Wasu marubuta na ƙara alif mai ɗauri bayan wau don nuna dogon o a ƙarshen kalma, in za ka bi wannan to rubuta shi a takardar hukunci ka dawwama a kai. Akwai kuma inda su biyun duk suka gaza, kamar kukan yaro da kukar miya, wannan karin sauti ne, sai jimla ko hoto ya raba gardama.

A takardar dai ka yanke abu uku da suka rage: wasalin farkon kalma irin na ido da uwa, da alif za ka ɗora shi ko da ain, kalmomin Larabci irin su sunayen mutane, da rubutunsu na asali za ka bar su ko yadda Bahaushe ke furtawa, sai rabon kalma. A wannan na ƙarshe ni Boko nake bi, “ya tafi” kalma biyu, “shi ne” kalma biyu, a duka ɓangarorin, duk da cewa marubutan Ajami na da sukan liƙa gajerun kalmomi da ta gabansu. In ba ka yi haka ba ɗalibi ba zai iya ƙirga kalma ta uku a dama ya same ta ta uku a hagu ba.

A ɓangaren Boko hukunci ɗaya ne kawai: a Najeriya 'y ake rubutawa ('ya'ya), a Nijar kuma ƴ mai ƙugiya (ƴaƴa). Bi na ƙasar da za a yi amfani da littafin.

## 3. Tara kalmomi

Samu littafin rubutu ka ja layi huɗu: kalma da Boko, kalma da Ajami, gaɓoɓinta, da ko za a iya zana ta. Ka tara kamar 250 zuwa 300, na yau da kullum, irin su gida, riga, tulu, rami, masara. Kowace kalma ka furta ta da ƙarfi kafin ka rubuta Ajaminta, don kunne ne ke gane jan wasali, ido da ya saba da Boko yaudarar ka zai yi. Ni kaina na taɓa rubuta dafa ta girki da dogon wasali a darasi guda har sau huɗu, sai da wata dattijuwa a aji ta ce malam wannan ai dafa kafaɗa ka rubuta.

Gargaɗi: a darussan farko ka guji kalmomin da furucinsu ke sauyawa daga gari zuwa gari. Fari a Kano, hwari a bakin Basakkwace, in ka sa ta a darasi na biyu rigimar karin harshe za ta cinye lokacin karatu.

## 4. Jera darussa, ba bisa a, b, c ba

Kuskuren da na fi gani shi ne bin jerin a, b, ɓ, c, d, ko alif, ba, ta, ca. Jerin nan na haddacewa ne, ba na koyon karatu ba. Abin da kake so shi ne tun ranar farko ɗalibi ya karanta kalma ta gaske ya koma gida yana murna. Da b da k da a kawai ka samu baba, kaka, baka, kaba. Ga jerin da nake amfani da shi, kowane darasi na biyar bita ne babu sabon harafi:

- 1: b, k, a
- 2: n, i
- 3: s, t, da wasalin farkon kalma (ita, ina)
- 4: m, u
- 6: d, r
- 7: ɗauri, wato gaɓa mai rufe da baƙi (nan, bakin)
- 8: w, y, da ai, au
- 9: g, l
- 11: e, o
- 12: f, h
- 13: z, j
- 14: sh, c
- 16: ƙ, ɗ
- 17: ɓ, ts, 'y
- 18: shadda da hamzar tsakiyar kalma (sa'a)
- 19: kw, ky, gw, gy, ƙw, ƙy

Ba da ka na jera su ba. A Boko b da d madubin juna ne, mai koyo na juya su, shi ya sa na nisanta su, ɗaya a darasi na 1 ɗaya a na 6. Haka n da u, ɗaya kifaffiyar ɗaya ce. A Ajami kuma ba, nun, ta, ya, ca duk jikinsu ɗaya a farkon kalma da tsakiyarta, ɗigo ne kawai ya raba su, don haka ban haɗa biyu a darasi ɗaya ba. Dal da ra kuwa da gangan na haɗa su, saboda halinsu ɗaya, ba sa riƙe harafin da ke binsu, sai a koyar da wannan ɗabi'ar sau ɗaya a wuce wurin.

Masu ƙugiya na kai su can baya ne domin sai k da d da b sun zauna daram sannan ƙugiya ke da ma'ana. Abin dariyar ma, ga ɗan allo ƙ da ɗ ba su da wahala ko kaɗan a Ajami tunda kaf lasan daban ƙaf daban, dal daban ɗa mai hannu daban, a Boko ne yake ganin 'yar ƙugiyar kamar ado. To a darasi na 16 Ajamin ne zai zama malamin Bokon.

Doka mai tsauri: kada harafin da ba a koyar ba ya leƙo cikin kalma ko jimla. “Bala ya tafi gida” jimla ce mai daɗi amma ba ta da gurbi a darasi na 9, domin f sai a na 12. Bayan ka gama kowane darasi ka ɗauki jan biro ka bi harafi-harafi.

## 5. Tsarin shafi

Kowane darasi buɗi ɗaya ne, wato shafi biyu masu kallon juna, Ajami a dama, Boko a hagu. Amfanin haka shi ne ko ta wane ɓangare mutum ya saba fara kallo, darasin gaba ɗaya na gabansa, kuma kowane rubutu na farawa daga bakin littafi ya nufo tsakiya. Na ga masu yin littafi mai bango biyu, Ajami ta baya Boko ta gaba su haɗu a tsakiya, yana da kyau a ido amma ɗalibi ba zai iya kwatanta kalma da 'yar uwarta ba sai ya yi ta juya littafi, an rasa dalilin haɗa su ke nan.

Lissafin shafi 48 ɗin ga shi: shafi na 1 suna, 2 da 3 bayani ga malami, 4 da 5 jadawalin haruffa, 6 zuwa 45 darussa ashirin, 46 da 47 amsoshi, 48 bayanin bugu. In littafin irin buɗin Boko zai yi, kowane darasi zai fara a shafi mai lambar da ke rabuwa biyu. Ka sa lambar shafi da ta darasi da alƙaluma iri biyu, 9 da ٩, a banza ɗalibi zai koyi lambobin.

Layi ya yi daidai da layi. In kalmar hoto na layi na farko a dama, to a hagu ma tana na farko. Ajami na cin wuri a tsaye saboda wasulla sama da ƙasa, don haka shi za ka fara shimfiɗawa, sannan ka buɗa layukan Boko su yi daidai da shi. A takardar A5 ni nakan sa Boko a girman 18 zuwa 20, Ajami kuma wajen 28, amma ya danganta da fon, wato salon haruffan kwamfuta, buga gwaji ka miƙa wa mai shekara hamsin ka ga ko zai matso da takardar kusa da hanci.

## 6. Darasi ɗaya daga sama har ƙasa

Bari mu gina darasi na 9, g da l. Haruffan da muke da su a hannu: b, k, n, s, t, m, d, r, w, y, da a, i, u, da ɗauri.

A saman kowane shafi hoton gida, iri ɗaya, ƙarƙashinsa gida a hagu, غِدَا a dama. Sai a fasa kalmar, gi da, a ciro gi, a ciro g. A shafin Boko ka nuna ƙaramin g da babban G. A na Ajami babu babba da ƙarami, abin da ke madadinsa shi ne surorin harafin, a farko غـ, a tsakiya ـغـ, a ƙarshe ـغ, da kuma shi kaɗai. Ka ga akwatin ɗaya ne a wuri ɗaya amma abin da ke ciki ya bambanta, haka daidaito na gaskiya yake.

Layi na gaba gaɓoɓi. A Boko uku ne, ga gi gu. A Ajami shida ne, kowace da gajeriya da doguwa. Kada ka rage na Ajami don su yi daidai, ka jera su bibbiyu a ƙarƙashin juna, malami ya faɗa wa ɗalibai cewa Boko ya haɗa biyun nan a rubutu ɗaya. Haka za a yi wa l da hoton tulu.

Sai kalmomi biyar ko shida: gida, riga, gatari, gulbi, lada, tulu. Sai jimla biyu gajeru. “Bala ya sayi riga a gari.” “Ladi ta sayi gari.” Da gangan na kawo gari sau biyu, domin a dama ɗalibi zai ga rubutu biyu daban, a hagu ya ga ɗaya, ya gane da kansa ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Abin da ya rage na ƙasan shafi, kamar kashi ɗaya cikin uku, na atisaye ne.

Gargaɗi: kada ka sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a cikin darussa. Littafin koyo yawo yake yi, ya faɗi ƙasa, yara su yage shi, wani ya ƙulla ƙosai da shafinsa, kuma mutane da dama duk rubutun da suka gani da harafin Larabci girmama shi suke yi. Batun hoton mai rai ma ka tambayi malaman wurin tun da wuri, in suna da ja to kayan gida da na gona sun ishe ka.

## 7. Atisaye masu tafiya tare

Ƙa'idata ita ce kalmomi ɗaya, fasaha ɗaya, amma jeri daban. In ka sa tambaya ta 1 a dama ita ce ta 1 a hagu da amsa a wuri ɗaya, ɗalibi mai wayo zai yi ɓangaren da ya iya ya kwafe matsayin amsar zuwa ɗayan, ka zaci ya iya alhali ko harafi bai duba ba. Don haka ka hautsina jerin.

Iri huɗu nake juyawa. Na farko nemo harafi, a ba da layin kalmomi a ce zagaye duk g, a dama kuma zagaye duk angai, a tabbata ya fito a farko da tsakiya don a gwada sanin surorinsa. Na biyu haɗa hoto da kalma da layi. Na uku cike gurbi, kuma a nan akwai tarko. A Boko ri__ ba matsala, a cike da ga. A Ajami in ka cire harafi daga tsakiyar kalma a kwamfuta, na kusa da shi zai sauya sura ya koma kamar ƙarshen kalma, sai abin ya rikice. Maganinsa ka cire gaɓa sukutum, baƙi da wasalinsa, ka sa jan layin nan na haɗi (ـ) a gefen da ya kamata a ce an haɗa, ko kuwa ka riƙa cire gaɓar ƙarshe bayan harafin da dama can ba ya haɗawa, kamar تُو da لُو na tulu a rabe a cikin akwati biyu.

Na huɗu shi ne gada, wato juya kalma daga wannan rubutu zuwa wancan, kuma shi ne zuciyar littafin. Sai dai kalmomin gada kada su kasance cikin waɗanda ke shafin da ke kallo, ɗauko su daga darasin baya, in ba haka ba kwafi ne kawai. Sannan duk kalmar da ke da fuska biyu sai da hoto ko jimla. Ka ce “rubuta gari da Ajami” babu hoto, amsa biyu ce kuma duk daidai. Ka ba da كُورَا ka ce a juya Boko, wanda ya rubuta kora bai yi kuskure ba, wanda ya rubuta kura ma haka. A shafin amsoshi ka rubuta duka biyun inda ya dace don kada malami ya ci zalin ɗalibi da jan biro.

Shifta ba ta buƙatar wuri a shafi, sai dai a bayanin malami ka jera kalma biyar na kowane darasi, a yi shiftar da rubutu ɗaya yau, gobe da ɗayan. Rubutun hannu kuwa a yi shi a littafin rubutu daban ko a allo, ta haka kwafi ɗaya zai yi wa aji biyu ko uku. Ga 'yan allo ka ƙara nuna kibiyar inda ake fara layi a shafukan Boko na darasi biyar na farko, don za ka ga wanda zai rubuta baba daga dama, haruffan daidai amma a juye.

## 8. Bugawa a kwamfuta ko rubutun hannu

Hanya biyu ce. Ko ka samu mai kyan hannu ya rubuta Ajamin da baƙar tawada a farar takarda a yi sikanin a saka, ko ka buga da fon. Rubutun hannu ya fi kama da abin da 'yan tsangaya suka saba gani, amma duk gyaran wasali ɗaya sai an koma wurin marubuci, ga kuɗin aikinsa. Ni fon nake so saboda gyara.

Fon ɗin kyauta ne. Mai suna Alkalami an yi shi ne bisa salon rubutun Kano mai kauri, ya dace da 'yan Warshu. Harmattan ya fi siriri da sauƙin karantawa in an ƙanƙanta. Na Boko kuwa Andika, don masu koyon karatu aka ƙera shi, a ɗinsa da g ɗinsa irin na rubutun hannu ne kuma yana da duk masu ƙugiya. Don shigar da haruffa akwai manhajar Keyman, a waya ma akwai kibod ɗin Hausa. A LibreOffice Writer sai ka kunna Complex text layout a saitin harshe kafin maɓallin rubutu daga dama ya fito. In kibod ya ƙi ba ka wani harafi, ga lambobinsu:

```
ɓ U+0253   ɗ U+0257   ƙ U+0199   ƴ U+01B4
ݑ U+0751   ڟ U+069F   ݣ U+0763
ڢ U+06A2   ڧ U+06A7   imala U+065C
```

Gargaɗi: kada ka yi dabarar sa kasra a madadin imala don ka rasa ta a kibod, fere zai koma firi. Kada kuma ka rubuta k' ko d' a madadin ƙ da ɗ a littafin koyo. Kuma in ka gama ka fitar da shi PDF, shi kaɗai za ka kai wurin bugu. Na taɓa ba wani mai shago fayil ɗin da ake iya gyarawa, ya buɗe a manhajar zanensa wadda ba ta da fon ɗin, haruffan Ajami suka warwatse ɗaya-ɗaya daga hagu, masu ƙugiya suka zama akwatuna, shi kuma bai iya karantawa ba balle ya lura, sai da aka buga kwafi hamsin.

## 9. Gyara da gwaji

Gyaran Ajami ba a yin sa da ido kaɗai. Samu mutum biyu, ɗaya ya karanta shafin Ajami da ƙarfi yadda yake a rubuce ba yadda ya san kalmar ba, ɗayan na riƙe da shafin Boko yana bi. Duk inda mai karatu ya ja wasalin da bai kamata ba, ko ya yi turus, a sa alama. Wanda bai taɓa ganin littafin ba ya fi, don kai marubuci abin da ke kanka kake karantawa.

Daga nan ka yi fotokwafin darasi biyar na farko kawai, ka gwada da mutum shida zuwa takwas na mako biyu, kuma wani malami ne zai koyar, kai ka zauna a baya ka yi shiru da biro a hannu. In mutum uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, laifin shafin ne. Ka fi sa ido kan hotuna, ka nuna hoto ka ce mene ne wannan, in ka zana tulu suka ce randa to kalmar darasin ta rushe, a sake zane ko a sake kalma. Ka duba kuma tsawon lokaci, darasin da ya haura awa ɗaya a raba shi biyu ko a rage kalmomi.

## 10. Bugu da lissafin kuɗi

Farashi na sauyawa kullum don haka lissafin kaya zan ba ka, ka je kasuwa ka sa Nairarsa. Takardar A4 ɗaya in an naɗe ta biyu tana ba da shafi huɗu na A5, shi ya sa dole yawan shafuka ya rabu da huɗu. Shafi 48 takarda 12 ke nan. Kwafi 100 takarda 1,200, rim kuma 500 ne, to ka sayi rim uku, ragowar 300 ɗin ta tafi a gwaji da ɓarna. Sai kati 100 na bango da ɗan ƙari, sai kuɗin bugu gaba da baya, da naɗi da ɗinkin waya biyu a tsakiya, da yanke baki. A kan wannan ka ɗora ladan mai zane, hoto kamar 30 zuwa 35 tunda mafi yawan darussa harafi biyu ne, da na masu gyara biyu, da fotokwafin gwaji. In an tsaya matsa kuɗi, wurin bango za a rage, ba wurin masu gyara ba.

Takarda ka nemi mai giram 80. Mai shara-shara tana nuna ɗigon bayan shafi, sai ba ta zama ya, ra ta zama zaira a idon mai koyo. Saboda wannan dalilin dai ka duba gilashin injin fotokwafi, ƙura ko ɗigon tawada ɗaya zai bi duk kwafin ya zauna a kan harafi. Wasali da jar tawada irin na rubutun hannu na da kyau sosai, amma launi biyu ne kuɗi ya ƙaru, kuma ranar da wani ya yi fotokwafinsa jan zai dushe, baƙi zalla ya fi.

Kafin su saki inji ka ce a fitar maka da kwafi ɗaya a naɗe a ɗinke, ka tsaya a wurin ka buɗe shafi na 22 da 23, darasi na 9 ke nan, ka tabbata Ajami na dama Boko na hagu kuma darasi ɗaya ne ke kallon kansa. In shafi ɗaya ya goce a jeri, duk littafin Ajamin darasi na 9 zai koma kallon Bokon darasi na 10, sai ka sa hannu a wannan kwafin sannan a ci gaba da sauran.